Littafina ne, amma mai shago ya fi ni cin riba

Wallahi da na san haka sayar da littafi yake da ban yi gaggawar kai shi gun bugu ba. Shekara biyu ina rubutu, na buga kwafi 500 da kuɗin aljihuna, yau wata bakwai kenan katan-katan na nan jibge a ɗaki suna kallona ina kallonsu.

Kuskurena na farko ni na jawo wa kaina, ba zan ɗora wa kowa ba. Da zan sa farashi kuɗin bugu kawai na duba. Don lissafi ya zo da sauƙi a ce farashin littafin 100 ne, bugun kowane kwafi ya ci 40, sai na ce ai shikenan ribata 60, har ina murmushi. Na manta da kuɗin mai gyaran rubutu da mai zanen bango da lambar shaidar littafi ta ISBN da kuɗin ɗauko kaya, waɗanda in ka raba su kan kwafi 500 sun ƙara wani 10. Ashe kowane kwafi 50 ya tsaya min, kuma na riga na sa an buga farashin a bayan bango, ba damar canzawa sai dai in bi su da sitika ɗaya bayan ɗaya.

Na kai wani shagon littattafai, mai shagon ya juya littafin gaba da baya ya ce zai karɓa amma kashi 40 nasa ne, kuma ba saye zai yi ba, ajiya ce, in an sayar ya biya ni, in ba a sayar ba in zo in kwashi kayana. Wato a 100 ɗin nan shi 40, ni 60, in na cire 50 ɗina saura 10. Ni da na yi rubutun 10, shi da ya ba da gurbi a kanta 40! Na san yana biyan haya da yaran shago, ban ce ya yi min kyauta ba, amma asara fa duk a kaina take, shi ko sisi bai zuba ba.

Na bar masa kwafi 50. Kullum na kira sai a ce mai lissafi ba ya nan, a dawo ƙarshen wata. Da na gaji na je da kaina na tarar da littattafan a can ƙasan kanta bayan wasu kwalaye, wa zai gan su a nan don Allah? An sayar da 18, aka dawo min da 32, a ciki 9 sun lalace, bango ya naɗe, wasu danshi ya taɓa, ɗaya ma da shatin kofin shayi a kai. Na ce wa zai biya waɗannan, ya ce ai ba mu rubuta haka ba. Kuma gaskiyarsa, ba mu rubuta komai ba sai adadin kwafi. To yi lissafi, 18 sau 60 ya ba ni 1080, kuɗin da na kashe kan 18 ɗin da 9 da suka lalace 1350 ne. Na yi ciniki na faɗi da 270, ban ma sa kuɗin zirga-zirga ba.

Makaranta kuwa kwafin dubawa kyauta suka fara nema, uku na bayar, daga baya suka ce ragin kashi 30 kuma biya sai ƙarshen zango. Zango ya ƙare an shiga wani.

Abin da ya fi ƙona min rai masu sari ne na soshiyal midiya. Na ba su a 75 don su sayar a 100, kawai sai na ga wata ta sa shi a 80 a shafinta, ita ribar 5 ta ishe ta tunda ba haya take biya ba. Mai shago ya gani ya kira ni yana faɗa wai na karya masa kasuwa, ni ma masu saye a hannuna suka fara cewa ai sun gani a 80. Ga masu "turo min PDF in duba", ga masu "nawa ne" mutum talatin a ƙarƙashin hoto ɗaya, ka amsa musu duka, biyu su saya, ɗayan ma ya ce kuɗin aikawa ya yi yawa.

Sai yanzu na gane daga baya ake fara lissafin. In kwafi ya tsaya min 50 ina son ribar 25, to 75 ɗin nan shi ne kashi 60 da zai rage bayan shago ya cire nasa, kenan farashin bango 125 ya kamata ya zama tun farko. Saura kwafi ɗari uku da wani abu a ɗaki, dukkansu da 100 ɓaro-ɓaro a bayansu, gobe zan je neman sitika.