Ba Mai Ne Ya Yi Kaɗan Ba

“Na shafa mai sosai, amma a hoton bikinmu a Garwa fuskata ta fito fari-fat kamar na kwana cikin toka. Kyamarar ce ta lalace?”

Kyamararki lafiya lau take, ƙanwata, maɓallin nan na waya mai gyara hoto da kansa ne ya yi miki ta'adi. Shi lissafinsa matsakaicin haske: duk inda ya ga duhu sai ya ɗauka inuwa ce, ya ɗaga ta. To baƙar fata ba inuwa ba ce. Da ya ɗaga ta, jan nan da ruwan ƙasan da ke cikinta sai su tsinke, kamar shayin da aka cika wa ruwa.

Ki duba baƙin gashi ko kwalli a hoton. In sun koma toka-toka, gyaran ne.

Ki koma kan hoton asali ki gyara da hannu. A wurin gyaran hoto na wayar, ki rage Shadows, wato hasken inuwa, ki ƙara Black Point, wato ƙarfin baƙi, har kwallin ya dawo baƙi wuluk, sannan ki ɗan tura Warmth wajen ɗumi. Kaɗan fa, in ya yi yawa farar shaddar ango za ta koma ruwan ɗorawa. Ƙyallin goshi kuwa, Highlights, wato hasken wurare masu haske sosai, za ki sassauta.

In ranar tsakar Garwa ta riga ta ƙone goshin ya yi fari tas, wannan kam ba ya dawowa. Gobe ki tsaya a inuwar darbejiya, a taɓa fuskarki a allon wayar kafin a ɗauka, don ta auna haske a kanta.