Ta'aziyyar wanda yake nesa da gida

A Gusau, mai zuwa ta'aziyya ba ya bukatar dogon bayani. Yakan cire takalmi ya zauna a kan tabarmar ƙofar gida, ya tambayi mutane yadda suka ji da haƙuri, a yi addu'a a shafa, kuma zaman nasa ya isar da sauran. A nan Birmingham inda nake zaune, maƙwabtana Turawa kati da furanni suke aikawa, suna ambaton halin kirkin mamaci da kalmomi masu taushi, amma da wuya su taɓa zancen makomarsa. Mu da muke nesa babu tabarmar, saboda haka rubutun ne zai ɗauki nauyin duka, kuma a ganina hoton addu'a da ake turawa ta waya bai kai ya ɗauki nauyin nan ba.

Aika ta'aziyya daga nesa yana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama bin Zaid cewa wata 'yar Annabi (SAW) ta aika masa cewa ɗanta yana gargarar mutuwa, shi kuma ya mayar mata da saƙo cewa abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar ma nasa ne, kowane abu yana da ajali a wurinsa, don haka ta yi haƙuri ta nemi lada. Da ya je daga baya aka miƙa masa yaron, sai idanun Annabi (SAW) suka zubar da hawaye, kuma wannan ne dalilin da ba na rubuta wa kowa cewa ya daina kuka.

Ga abin da na rubuta wa abokina da mahaifinsa ya rasu: "Malam, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban manta yadda yake tashinmu sallar asuba ba idan na kwana a gidanku. Hadisin Muslim ya lissafa addu'ar ɗa nagari cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa, saboda haka har yanzu kana da hidimar da za ka yi masa."

Jimlar da ta ambaci yadda Baba yake tashinmu sallar asuba na aro salonta ne daga Turawa, domin a nan sun fi mu: mu kan yi addu'a iri ɗaya ga kowane mamaci har sunansa ya ɓace a cikinta. Sai dai ban ce masa Baba yana Aljanna ba, ko da yake mutane da yawa suna rubuta haka da kyakkyawar niyya. Lokacin da Ummul Ala ta yi wa Usman bin Maz'un shaidar cewa Allah ya karrama shi, Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda ta sani, sannan ya ce yana yi masa fatan alheri.