Faifan Caca Ba Ya Tuna Asararka

Kwanan nan na ji wani matashi, wayarsa a hannu, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci, yana gaya wa abokinsa: "Sau takwas ke nan a jere ana cinye ni, wannan karon dole in ci." Da yaƙini ya faɗe ta, kuma wannan "dole" ɗin ce ta ɓata min rai. Ƙannena, wa ya ɗora wa caca wannan dolen?

Ku ɗauki kwabo ku jefa sama. Ko dai ya faɗo ta gaba ko ta baya, rabi da rabi. A ce ya faɗo ta gaba sau goma a jere. Kafin a fara jifa, yiwuwar haka ɗaya ce cikin 1,024, abu ne mai wuyar gaske. To amma da zarar goman nan sun faru, sun zama labari. Jifa na goma sha ɗaya rabi da rabi ne, daidai da jifan farko, domin kwabo ba shi da ƙwaƙwalwar da zai tuna yadda ya faɗo ɗazu. Ɗan caca yana ɗauko wuyar da ke cikin jerin gaba ɗaya ya ɗora ta kan jifa guda da ya rage, a nan yake faɗawa rami.

A ranar 18 ga Agusta, 1913, a gidan cacar Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, ƙwallon faifan nan mai juyawa da ake kira rulet ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja, kowa na cewa yanzu kam lokacin ja ya yi, suka tafka asarar miliyoyi. Faifan nan gurbi 37 gare shi: ja 18, baƙi 18, kore ɗaya. Damar ja a juyi na ashirin 18 ce cikin 37, haka take tun juyin farko, ba ta ma kai rabi ba. Koren nan ɗaya shi ne ribar mai gidan.

Za ku ce ai idan aka daɗe ana jifa lissafi yakan daidaita. Gaskiya ne, sai dai ba ta hanyar biyan bashi ba. Idan gaba ta yi rinjaye da goma, sannan aka ƙara jifa dubu suka rabu ɗari biyar-biyar, an samu 510 cikin 1,010, kusan rabi. Goman nan suna nan, ba abin da ya rama su, yawan jifa ne kawai ya shanye su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ninka kuɗi don a fanshe. Mutum ya sa 100 aka cinye, ya sa 200, ya sa 400, haka har sau takwas. Jimillar abin da ya tafi 25,500. Yanzu sai ya sa 25,600 a karo na tara, kuma ko ya ci, ribarsa duka 100 ce. Damar a sake cinye shi kuwa ba ta ragu ko kaɗan ba. Ina zai samo kuɗin? A nan ake fara cin bashi, a sayar da waya, a taɓa kuɗin amana, a zabga wa uwa ƙarya. Garin neman gira a rasa ido. Kada ma a zo maganar masu tallan "tabbataccen wasa" da ke karɓar kuɗin yara, wanda ya san sakamakon gobe me zai sa ya tsaya sayar da shi?

Wanda ya ci sau huɗu a jere ma bai tsira ba. Shi cewa yake sa'arsa ta tashi, sai ya ƙara kuɗi. Ku duba fa: wanda ake cinyewa yana cewa dole abin ya juya, wanda ke ci yana cewa dole abin ya ɗore, su biyun kuma hukuncinsu ɗaya, a sake sawa. Lissafin da kowace amsarsa "ƙara kuɗi" ce, kwaɗayi ne ya rubuta shi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena, ku yi wa kanku faɗa. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, ta ce a nisance su. Da can ɗan caca ɓuya yake yi, in an gan shi ya sunkuyar da kai, ko auren 'ya ba a yarda a ba shi. Yau yaro zai zauna a gaban babansa yana latsa waya yana caca, in ya ci ya ɗora hoton duniya ta gani, abokai su bi shi da "Allah Ya maimaita", ba wanda zai tambaye shi nawa aka cinye masa kafin nan.