Malam Sa'adu Zungur: 1914 ko 1915?

Jiya bayan La'asar ɗan ƙanwata ya shigo gida ransa a ɓace. An yi musu kacici-kacici a makaranta, aka tambaye shi shekarar da aka haifi Malam Sa'adu Zungur, ya ce 1914, aka ce ya faɗi, amsar ita ce 1915. Ya ce da ni, "Kawu, wallahi a rubuce na gani." Na ce masa na yarda, shi ma malamin naku a rubuce ya gani. Duk wanda ya ɗan bibiyi tarihin wannan malami, marubucin waƙoƙi kuma ɗan siyasa na Bauchi ya san shekarun nan biyu suna yawo a littattafai da jaridu. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yanke wa yaro hukunci ba tare da an tambayi daga ina kowace shekarar ta fito ba.

Ni dai 1914 na rinjayar, kuma ga dalilina.

Da farko mu tuna gidan da Malam Sa'adu ya fito, gidan malamai ne. A irin waɗannan gidaje a wancan zamani ba wanda ke lissafin Janairu da Fabrairu. Idan an yi haihuwa, abin da ake riƙewa shi ne ranar mako da watan Musulunci, wani lokaci malami ya rubuta shekarar Hijira a gefen littafi ko a bayan wata takarda. Shekarar Miladiyya daga baya take shigowa, sa'ad da wani ya zauna ya juya lissafin. To a wurin juyawar nan ake samun matsala, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, kuma kusan kullum ƙafarta ɗaya tana cikin wata shekarar Miladiyya, ɗayar tana cikin ta gaba.

Masu cewa 1914 sukan kawo ta da cikakkiyar rana, Talata 24 ga Nuwamba. Ku duba inda wannan rana ta faɗa. Shekarar 1333 ta Hijira ta kama ne wajen 19 ga Nuwamba 1914, ta ƙare a farkon Nuwamba 1915, da bambancin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon ganin wata. Ke nan 24 ga Nuwamba 1914 tana cikin makon farko na Muharram 1333. Kwana 43 kacal na wannan shekara ne suka faɗa cikin 1914, sauran sama da kwana 310 duk suna cikin 1915. Wanda aka ce wa 1333 kawai, ba a gaya masa wata ba, me zai rubuta? Akwai lissafin da aka saba yi: ka raba shekarar Hijira gida 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Idan ka raba 1333 gida 33 ka sami 40 da 'yan kai, ka cire 40 saura 1293, ka ƙara 622, sai ga 1915. Mai lissafin bai yi ƙarya ba, bai kuma yi ganganci ba. Lissafin ne bai san Muharram ba.

Akwai hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi saurin kama marubuta. Malam Sa'adu ya rasu a ƙarshen Janairu 1958. Wanda aka haifa a Nuwamba 1914 yana da shekara 43 da wata biyu a lokacin. Sai a rubuta cewa ya rasu yana da shekara 43, kuma gaskiya ne. Bayan shekaru wani ya zo yana neman shekarar haihuwa, ya cire 43 daga 1958, ya sami 1915. Haka yake faruwa ga duk wanda aka haifa a ƙarshen shekara ya rasu a farkon wata shekarar, cirewa takan tura haihuwarsa gaba da shekara guda.

Wannan shi ne ma'aunin da na fi dogara da shi idan ruwayoyi biyu suka yi karo: wacce ce za ta iya haifar da 'yar'uwarta? Idan gaskiyar ita ce Nuwamba 1914, na nuna muku hanyoyi biyu masu sauƙi da 1915 za ta ɓullo. Idan kuwa gaskiyar 1915 ce, sai an yi bayanin yadda wani ya koma baya da shekara guda, har ya zo da rana da wata. Wannan ya fi wuya.

Sannan ranar mako tana da amfani, kuma mutanenmu sun fi riƙe ta fiye da komai, shi ya sa muke da Talatu da Balarabe da Ɗanjuma. Kowa zai iya duba kalandar 1914 a wayarsa. Ranar 24 ga Nuwamba 1914 Talata ce. A 1915 kuwa wannan kwanan watan ya faɗa Laraba. Ranar mako da kwanan wata sun dace da juna a 1914, ba su dace ba a 1915.

Amma kada in wuce gona da iri. Dacewar ranar mako ba ta rufe magana, domin marubuci na iya samun kwanan wata ya duba kalanda da kansa ya ƙara "Talata". Ƙarfinta yana cika ne idan ranar ta fito daga bakin dangi ko daga tsohuwar takarda. Haka kuma 1914 shekara ce mai suna, a ranar farkonta aka haɗe Arewa da Kudu, kuma shekaru masu suna sukan jawo haihuwar mutane zuwa gare su, kamar yadda tsofaffi ke cewa an haifi wane shekarar fara ko shekarar yunwa alhali da ɗan tazara. Na sa wannan a ma'auni, na ga bai kai nauyin abin da na ambata a sama ba.

Abin da ba na karɓa sam shi ne ƙidayar littattafai. Wani zai ce maka wurare goma sun ce 1915, uku ne suka ce 1914. Idan goman nan daga littafi ɗaya suka kwafa, shaida ɗaya ce ta yi magana sau goma. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin wannan, ba yawan masu faɗa suke fara dubawa ba, sai su bi kowa daga wa ya ji. Rajistar makarantar boko ta wancan lokaci ma ba abar jingina ba ce ita kaɗai, don sau da yawa kintatar shekarun yaro ake yi da ido.

Abu ɗaya zai sa in sauya ra'ayi: takarda daga gidansu, da hannun wanda ya ga haihuwar, mai ɗauke da wata da shekarar Hijira. Idan ta ce Muharram 1333, magana ta ƙare a 1914. Idan ta ce wani wata daga Rabi'ul Awwal zuwa Zulhajji na wannan shekarar, to 1915 ce, kuma a wannan shafin zan zo in faɗa. 'Yan'uwa na cikin gari da ke da kusanci da zuriyar Malam, don Allah a taimaka a tambayi dattawa.

Shi kuwa yaron, na rubuta masa lissafin nan a takarda, na ce gobe ya kai wa malaminsa cikin ladabi, ya roƙe shi su duba tare.