Gidaje uku da na kulle a lungu

Ni dai ba mutum ba ne mai cika baki, amma ranar nan na cika, kuma na ci abin da na shuka a hannun yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

'Yar ƙanwata ce ta zo mana hutu da wani ɗan littafi na wasannin ƙwaƙwalwa, ta buɗe wani shafi ta ce, "Kawu, ka iya wannan?" Na duba na ga akwati ne mai gidaje takwas a kwance, takwas a tsaye, kowane gida da lambarsa. Sunan wasan Hitori. Mutanen Japan ne suka ƙirƙiro shi, kamfanin Nikoli ya fara buga shi a mujallarsa a 1990, kuma cikakken sunansa na nufin "ƙyale ni ni kaɗai". Ta karanto mini dokoki uku. Kada lamba ta maimaitu a layi ɗaya, na kwance ko na tsaye, saboda haka sai ka baƙanta waɗanda suka yi yawa. Kada baƙaƙen gidaje biyu su haɗa kafaɗa, amma in a karkace suka haɗu, kusurwa da kusurwa, babu laifi. Ta uku kuwa, tana cikin karanta ta na karɓe littafin na ce na gane. Ban gane komai ba, ban ma ji ba.

Ta miƙo mini fensir. Na ce fensir na masu shakka ne, na zaro biro daga aljihu.

Ga yadda lungun sama na hannun hagu yake, don har yanzu ina ganinsa in na rufe ido:

```
4 6 2 2 2
8 8 3 1 6
5 5 1 7 5
```

Farkon abin da kyau na fara, kada a ce ban faɗi alherin kaina ba. Layin sama akwai 2 guda uku a jere. Guda ɗaya kawai za ta tsira, kuma dole ta tsakiya ce, domin in ka bar ta gefe to sauran biyun da za ka baƙanta suna manne da juna. Na baƙanta ta farko da ta uku. Duk gidan da ka baƙanta kuma sai ka zagaye maƙwabtansa na sama da ƙasa da hagu da dama, alamar sun tsira ke nan, ba mai taɓa su. Na zazzagaye ina fito.

Na gangaro layi na uku, inda 5 biyu suke manne, ga kuma wata 5 can gefe ita kaɗai. Wannan ma na gano ta da kaina. In ka bar ta gefen fara, dole ka baƙanta mannannun nan biyu, doka kuma ta hana. Ke nan ta gefen ce baƙa, ba tantama. Na murza mata biro har takarda ta yi ƙyalli, na ɗago na dubi yarinyar don ta shaida.

Saura mannannun 5 ɗin. Ɗaya daga cikinsu dole ta tafi, amma wacce? Babu abin da ya gaya mini. Mai hankali zai bar su ya tafi wani wuri, sai hujja ta zo da kanta. Ni kuwa na ce ai duk ɗaya ne, biyar biyar ce, na baƙanta ta bakin gefe saboda ta fi kusa da hannuna.

Daga nan abu ya riƙa tafiya sumul, wanda shi ne mugun abin. Da na baƙanta 5 ta gefe, 8 da ke samanta ta tsira, na zagaye ta. Tunda ta tsira, 'yar'uwarta 8 ta biyu dole ta baƙanta. Na duba ko ta taɓa wani baƙi: 5 ɗin da na kashe tana ƙasanta ta hagu a karkace, 2 ta farko tana samanta ta dama a karkace. Ba kafaɗa ba ce, kusurwa ce, doka ta yarda. Na wuce abina. Kusan minti arba'in na yi ina bin sauran gidajen, ina baƙantawa ina zagayewa, har na kai ƙarshe. Na bi layuka takwas na kwance, ba maimaici. Na bi na tsaye, ba maimaici. Na ajiye biro a hankali kamar alƙali ya gama yanke hukunci, na ce, "Kawo wani mai wuya."

Ba ta ce uffan ba. Ta ɗora ɗan yatsanta a kan 4 ta can lungu, ta matsa dama zuwa 6, ta tsaya, don gabanta baƙi ne, ƙasanta ma baƙi. Ta dawo ta gangara kan 8, nan ma dama baƙi, ƙasa baƙi. Ta ɗago ta ce, "Kawu, waɗannan ta ina za su fita?"

Na ce su fita su je ina?

Sai ta karanto mini doka ta uku, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Dukkan fararen gidaje dole su zama a haɗe, ka iya tashi daga kowanne ka isa kowanne kana tafiya sama ko ƙasa, hagu ko dama, ba tsallake, ba ratsawa a karkace. Baƙaƙena uku, 5 da 8 da 2, sun jeru a karkace daga bangon hagu har bangon sama. Katanga na gina da hannuna, na kulle bayin Allah uku a lungu ba ƙofa ba taga. Kowane tubali halal ne shi kaɗai, jerin ne ya zama laifi.

Na yi ƙoƙarin ɗaukaka ƙara. Na ce ai a karkace akwai 'yar kafa tsakanin baƙi da baƙi, siririn mutum zai wuce. Ta ce lamba ba ta da ƙiba ko rama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar tana nan tun farko, a daidai wurin da na ce babu hujja. Da na tambayi kaina me zai faru in na kashe 5 ta gefe, taki biyu kacal zan hango katangar. Tunda wannan hanya ta toshe, 5 ta biyu ce baƙa. Ita kuma ta tserar da 8 ta samanta, sai 8 ta gefe ta baƙanta. Shi ke nan 4 ta bi ta 6, ta gangara kan 8, ta wuce 3, ta shiga gari. Har ma da garaɓasa: 5 ta gefe yanzu baƙi ne samanta, baƙi ne damanta, don haka gidan da ke ƙasanta dole ya zama fari, ko wace lamba ce a ciki, in ba haka ba ita ma ta shiga kurkuku. Dokar da na ƙi saurara ashe ita ce ke ba da rabin amsoshin.

Gyara kuwa ba na gida biyu ba ne. Duk abin da na zagaye saboda waccan 5 ya sa na baƙanta wasu a ƙasa, su ma suka haifi nasu, ɓarnar ta gangara har gindin shafi. Ga shi da biro. Na gwada magogi da ƙarfi, takarda ta huje daidai kan 8, har ina hango wasan da ke bayan shafin.

Dole na nemo rula da farar takarda na zana gidaje 64, na kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kaina tana cewa, "Kawu, wannan 7 ce, ba 1 ba." Da abin ya ishe ni na ce ta ƙyale ni ni kaɗai. Ta ce to, ta juya za ta fita, sai ta dawo ta ajiye fensirin a gefen hannuna, ta ɗauke biron ta tafi da shi.