Ƙasan ganga, wuyan garaya, bakin sarewa: inda ya kamata ido ya sauka

A cikin 'yan uwanmu ɗalibai da mazauna Alƙahira na lura da wata ɗabi'a da ke damuna. Duk abin da aka rufe da fata, a wurinmu ganga ne. Duk abin da ake hurawa, sarewa ne. Duk mai tsirkiya kuwa, in ba a ce garaya ba, a ce jita. Bamisire ɗan kasuwa, wanda bai taɓa koyon kiɗa ba, a kayan busa ba zai haɗa maka nayi da mizmari ba, a kayan tsirkiya kuma ba zai kira rababa udu ba. Mu da muka fito daga ƙasar da kowace sana'a da kowace sarauta ke da nata kiɗan, mu ne muke tattara komai a suna ɗaya. Ra'ayina shi ne ba kunne ne ya gaza mana ba, ido ne ba mu koya wa inda zai duba ba. Mutum yakan tsaya kan girma, ko launi, ko adon da aka yi wa abu, alhali wuri uku ne kawai ke faɗin gaskiya: ƙasan ganga da yadda aka ɗaure fatarta, mahaɗar wuya da ciki a kayan tsirkiya, da kuma bakin abin busa.

Bari in fara da ganga, don a nan ne rikicin ya fi yawa.

A ce an turo maka hoton wani abin kiɗa mai siririn ƙugu, sama da ƙasa sun buɗe, igiyoyi sun bi jikinsa. Galibinmu take za mu ce kalangu ne. Kafin ka yanke, nemi ƙasansa. In fata ce a fuska biyu, kuma igiyoyin sun tashi daga wannan baki sun tafi wancan ba tare da sun taɓa itacen ba, to kana gidan kalangu. Wannan sararin da ke tsakanin igiya da ƙugu shi ne dalilin da ya sa aka fafe itacen haka. Makaɗi ya sa shi a hammata, ya matse, fata ta ɗame, murya ta hau. Ya saki, ta sauko. Da haka kalangu yake bin hawa da saukar harshenmu har ya kira sunan mutum. Sai ka duba hannun mai kiɗan, za ka ga sandar kiɗa mai lanƙwasasshen kai. In kuwa ƙirar ɗaya ce amma jikin ya fi girma, kuma a ƙofar fada ake kaɗa shi, jauje ne.

To, in ka leƙa ƙasan ka tarar a buɗe yake, fata a fuska ɗaya kaɗai, ga wani baƙin danƙo an manna a tsakiyarta, mai kiɗan kuma da yatsu yake bugawa ba da sanda ba, wannan kotso ne. Danƙon nan shi ne nake, kuma aikinsa ƙara wa tsakiyar fata nauyi don murya ta yi kauri. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da taron jama'a, shi ne Mamman Shata ya rayu da shi har rasuwarsa a 1999. Kotso na makaɗan fada ne, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Wanda ya kira kotso kalangu ya ɗauke makaɗi daga gaban sarki ya kai shi mahauta, ko da bai yi niyya ba.

A nan Masar akwai abin da ke ruɗar sabon zuwa. Tabla, wadda wasu ke kira darbuka, ita ma fuska ɗaya gare ta, ƙasanta a buɗe, da hannu ake kaɗa ta. Na ji ɗan uwa ya ce ai kotson Larabawa ce. Ban yarda ba, kuma hujjar tana jikinta. Tabla ba ta da dogayen igiyoyi. Ta zamani da ƙarfe ake zuba ta, a ɗora mata fuskar roba, a ɗaure da zobe da kusoshi. In an ɗaure an ɗaure, ba hammatar da za ta canja mata murya. Mai kiɗan sai dai ya sauya wurin da yake bugu, tsakiya don kauri, gefe don kaifi. Wadda ta yi kusa da tamu da gaske ita ce tabl baladi ta mutanen Sa'id, wato kudancin Masar: faffaɗa, fuska biyu, a rataye a kafaɗa, a buga da sanda. Wannan 'yar uwar gangarmu ce ta noma da ta fada, ko da yake tamu ta fi tsawon jiki, kuma ana gitta mata wata 'yar igiya da ake kira zaga a kan fata don ta riƙa zuza.

Wasu kuma ƙasansu a rufe yake ruf, kamar akushi. Taushi ke nan, da tambari wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wanda ba a taɓa shi sai don sarki. Bandiri kuwa ba shi da ciki ma, zobe ne na itace da fata a gefe ɗaya, kuma wanda ya san zikirin Ƙadiriyya a Kano zai gane danginsa nan take a hannun 'yan ɗariƙun Alƙahira lokacin maulidi.

Kayan tsirkiya su suka fi ba ni mamaki a zamana a nan. In ka bi titin Muhammad Ali, inda masu ƙera kayan kiɗa suka daɗe da zama, za ka ga udu a rataye jere. Dubi yadda aka yi shi. Cikinsa sassan itace ne sirara aka lanƙwasa aka haɗa, fuskarsa ma itace ce mai huji da aka yi wa ado, wuyansa gajere ne an manna shi da ciki, kansa ya karye baya, ga 'yan sandunan murɗawa a jere. Tsirkiya goma sha ɗaya ce a yawanci, biyar tagwaye da guda ɗaya tilo.

Yanzu ɗauko garaya. Ba abu ɗaya a cikin waɗannan da za ka samu. Cikinta itace guda ne aka fafe, aka rufe da fata. Wuyanta sanda ce mulmulalliya, ba a manna ta ba, an cusa ta ne ta bi ƙarƙashin fatar har ta ɓullo a wani huji kusa da ƙasa, kuma a kan wannan tsinin ake maƙala tsirkiya. Babu abin murɗawa ko ɗaya. Da tsinken fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sandar, in za a gyara murya sai a tura ɗaurin sama ko a jawo shi ƙasa. Wannan ƙirar ita ce shaidar gidan gaba ɗaya. Bayan ka gan ta, sai ka rarrabe 'ya'yan gidan da siffar ciki: garaya mai ɗan faɗi da tsirkiya biyu, ta maharba da 'yan bori, molo dogo siriri mai tsirkiya uku, kuntigi ƙarami mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi cikinsa da gwangwanin kifi, shi ne Ɗan Maraya Jos ya kai duniya.

Abin da ya sa na ce mamaki: a shekarun 1930 masu tono sun fito da wani abin kiɗa a yammacin Luksor, na wani mawaƙi mai suna Harmose da ya rayu a zamanin sarauniya Hatshepsut, kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Cikinsa itace ne fafaffe, fuskarsa fata, wuyansa doguwar sanda da aka saƙa ta cikin fatar, tsirkiya uku, ɗauri da igiya. Duk wanda ya girma yana ganin molo zai gane shi kafin Bamisiren yau da ya saba da udu ya gane. Ba na cewa molo daga Masar ya zo, kama da wane ba ta wane ba ce. Abin da nake cewa shi ne wanda ya iya duba mahaɗar wuya yana ganin dangantakar ƙira da suna ba zai taɓa nuna masa ba.

Goge da rababa ma haka. Dukkansu da izga ake goga su, amma rababar Masar da ɓawon kwakwa ake yi, tsirkiya biyu, da 'yan sandunan murɗawa, ga tsinken ƙarfe a ƙasa don a tsayar da ita tsaye. Goge rabin ƙwarya ne da fatar guza ko damo, tsirkiyarsa ɗaya ta gashin wutsiyar doki a bisa ɗan tallafin da ake kira jaki, kuma a kwance ake riƙe shi. Kukuma ƙanwarsa ce. A hoto dai, in babu hannun mutum da za ka gwada girma da shi, wuya ne ka raba goge da kukuma.

Na busa ba su da wahala in ka dubi baki. Sarewa bututu ce kawai, buɗe sama da ƙasa, ba komai a bakinta. Makiyayi yana karkata ta ya hura a gefen bakin, iska ta tsage, sauti ya fito. Hujinta huɗu a yawanci. Nayi na Masar haka yake aiki, sai dai na gora ne mai gaɓa tara, huji shida a gaba da ɗaya a baya na babban yatsa. Algaita ba ta cikin wannan gida ko kaɗan. A bakinta akwai ɗan haki mai leɓe biyu da ake sa wa cikin baki gaba ɗaya, da faifai da leɓɓa ke jingina a kai, ƙasanta kuma ya buɗe. Shi ya sa kumatun mai algaita ke kumbura, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Abokiyarta a nan ita ce mizmari, mai huji bakwai a gaba. Kakaki kuwa ba haki, ba hujin yatsa, leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a cikin dogon ƙarfe. Akwai kuma tilɓoro da yara ke yi da karan dawa bayan girbi, wanda ake tsaga masa harshe a jikin karan. Duk da kamarsa da sarewa, wannan harshen ya fitar da shi daga gidanta, ya kai shi wajen argul na manoman Masar.

Abin da ke yaudarar mutane a yau shi ne kayan da aka yi abu da su. Sarewa ta koma bututun ƙarfe ko na roba, tsirkiyar garaya ta koma lailon, kuma suna kansa yana canjawa daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram. Saboda haka ba na musu da dattijon da ya kira abu da sunan garinsu. Amma in zan tura wa yaro hoto don ya koya, ba na tura na gaba shi kaɗai. Ganga sai na haɗa da hoton ƙasanta, garaya a ɗauko daidai hujin da sanda ta ɓullo, abin busa kuma a matso da kyamara kusa da bakinsa.