«Ki je ki rubuto» ba amsa ba ce: abin da ke kan manaja ranar da aka kawo masa ƙarar cin zarafi

A yawancin wuraren aiki a Katsina, idan ma'aikaciya ta daure ta shiga ofishin manaja ta ce wani yana takura mata, amsa biyu ce ke jiranta. Ko dai a ce, «Ki je ki rubuto mana a takarda,» ko kuma a ce, «Ki yi haƙuri, bari in kira shi mu sasanta.» A ganina duka biyun kuskure ne, kuma ta biyun ta fi ɓarna, duk da ita ce ta fi kama da dattako.

Mu ɗauka wani babban kanti ne a Ƙofar Ƙaura. Da hantsi mai karɓar kuɗi ta shigo ta ce, «Ranka ya daɗe, akwai maganar da ke damuna.» Mai kula da ma'aikata, wanda shi ke tsara wa kowa lokacin aiki, yana turo mata saƙonnin banza da dare, kuma shekaranjiya ya tare ta a sito ya riƙe mata hannu. Da ta ƙi, sai ya mayar da ita aikin dare. Daga lokacin da ta faɗi haka, kantin ya sani, ko da takarda ko babu. Wanda ya ce sai an rubuto, sau da yawa fata yake kunya ta hana ta dawowa.

Rubutun aikin manaja ne. Ya bar ta ta yi magana har ta kai aya, a inda sauran ma'aikata ba za su ji ba, kuma ya tambaye ta ko tana so wata mace da ta yarda da ita ta zauna tare da su. Tambayoyinsa kaɗan ne: me ya faru, yaushe, a ina, wa ke kusa, kuma akwai saƙo ko wata shaida? Babu «me kika sa a ranar», babu «me ya sa sai yanzu kike faɗa». Ya rubuta kalamanta yadda ta furta su. Idan ta ce «ya riƙe mini hannu», kada ya mayar da shi «ya yi mata rashin ɗa'a», domin wanda zai yi bincike gobe abin da ya auku yake nema, fassarar manaja ba za ta amfane shi ba. Sai ya karanta mata, ta gyara inda ya kauce, ya sa kwanan wata da lokaci, ya ba ta kwafi.

Kusan kullum za ta roƙa, «Don Allah kada kowa ya ji.» A nan mutanen kirki ke zamewa, su yi alkawarin da ba za su iya cikawa ba. Abin da ya dace ya ce shi ne: «Malama, ba zan iya binne maganar nan ba, amma babu mai jin ta sai wanda dole ya ji, kuma zan faɗa miki sunansa kafin in je wurinsa.» Mijinta ko mahaifinta ba sa cikin waɗannan mutane. Manajan da ya ɗauki waya ya kira gida da sunan girmamawa ya san abin da zai iya biyo baya: a ce ta bar aikin, ita da aka zalunta ta rasa albashi, wancan ya ci gaba da zamansa. Sanar da gida shawararta ce ita kaɗai.

Idan abin ya kai ga fyaɗe ko duka, lissafin ya canza. Asibiti ne farko, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, kuma a bayyana mata cewa tana da damar kai ƙara wurin 'yan sanda. Wannan ya wuce abin da za a kashe a ofis.

Shaida ma ba ta jiran gobe. Na'urar da ke adana hoton kyamarar tsaro tana goge tsohon hoto da kanta idan ta cika, don haka a kwafe na ranar da abin ya faru yau ɗin nan. Saƙon WhatsApp kuwa ana iya saita shi ya ɓace bayan awa 24, kuma wanda ya tura yana da kamar kwana biyu da zai iya goge shi daga wayoyin biyu. Ta ɗauki hoton saƙonnin, lambar mai turowa da lokacin suna fitowa, tun kafin mutumin ya ji ƙishin-ƙishin. A ajiye jadawalin aikin da ya nuna ranar da aka mayar da ita dare, don shi ne zai nuna ko ramuwar gayya ce.

Na san hujjar masu son sulhu, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce mu mutane ne masu rufa wa juna asiri, kuma ƙazafi babban zunubi ne, mutum yana da iyali da mutunci. Gaskiya ne. Amma zaman gaba da gaba a ranar farko ba ya kare kowa. Yarinya 'yar shekara ashirin da wani abu a gaban shugabanta na wurin aiki wanda ya girme ta, ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse, me ake tsammanin za ta yi in ban da ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe? Shi kuma, idan da gaske bai aikata ba, «a yi haƙuri» ba ta wanke shi ba, tabon yana nan a bakin ma'aikata. Binciken da aka ji kowa shi kaɗai, aka duba shaida, shi ne kawai zai iya wanke marar laifi. Shi ya sa manaja ba zai ce mata «na tabbata ya yi» ba, ba kuma zai ce «wane ba zai yi haka ba».

Kafin a tashi aiki, dole a raba su. A nan ma ana yawan yin abin a baibai, a ɗauke mai ƙara a tura ta reshen Daura ko a ce ta zauna a gida «har ƙura ta lafa». Wannan hukunci ne a kanta. Ikon tsara mata aiki za a cire daga hannun wanda ake zargi, a mayar da ita lokacinta na da, sai fa idan ita ta nemi canji.

Wanda ke ganin duk wannan ƙaƙale ne ya duba doka. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙarar cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki. A 2013, a shari'ar wata ma'aikaciya mai suna Maduka da kamfanin Microsoft, kotun ba ta tsaya kan shugaban da aka zarga ba, ta ɗora wa kamfanin ma alhaki, ta sa ya biya diyya. A 2022 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki.

Saura miƙa maganar. A ranar, a rubuce, manaja ya sanar da sashen kula da ma'aikata, ko mai kantin idan babu sashen. Idan wanda ake zargi ƙanin Alhaji ne, ko abokin manajan ne da suke zama majalisa ɗaya, manaja ya faɗi haka a takardar ya nemi a ba wani na waje binciken. Wanda ake zargi za a sanar da shi bayan an adana shaida, shi kaɗai, a ba shi damar kare kansa, a kuma gargaɗe shi kada ya tuntuɓe ta ko ya aika mata ɗan lallashi. Ita kuma kafin ta tafi gida, manaja ya faɗa mata wanda maganar ta koma hannunsa, da ranar da za a neme ta, da wanda za ta kira idan an yi mata barazana a daren.